Wane Aji Za A Sa Ta? Wasiƙar Nema wa Yaron da Ya Dawo daga Nijar Gurbin Karatu

Daga Maraɗi zuwa Katsina ba wata tafiya ba ce. Mutum zai karya kumallo a can, ya biyo ta Ɗan Isa da Jibiya, ya yi sallar azahar a nan. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Amma ranar da iyali suka kwaso kayansu suka dawo gida, uba ya riƙo hannun yaro ya shiga ofishin shugaban makaranta da katin sakamakon da aka ba shi a can, ranar ce zai gane cewa makarantun ƙasashen biyu ba sa jin maganar juna. Shugaban makaranta zai juya katin gaba da baya, ya ga Faransanci, ya ga lambobin da bai saba da su ba, ya tambayi yaro sunansa da shekarunsa da Turanci, yaro ya yi tsuru-tsuru. Yawanci a nan take ake yanke hukunci, kuma hukuncin ba ya wuce a mayar da yaro baya da aji biyu ko uku.

Abin da ke hana haka takarda ce guda, shafi ɗaya, wadda uba ko mai riƙon yaro yake rubutawa kafin ya je. Aikinta shi ne ta fassara wa shugaban makaranta karatun da yaro ya yi zuwa lissafin da ya sani, sannan ta faɗi ajin da ake nema ƙarara. Kafin a rubuta ta kuwa, dole uban da kansa ya fahimci lissafin.

A Nijeriya yaro yana yin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, wato JSS1 zuwa JSS3, inda yake zana jarrabawar BECE, sannan uku a babbar sakandare, SS1 zuwa SS3, inda WAEC da NECO suke jiransa. Shekara 12 ke nan. A Nijar ma firamare shekara shida ce, sai dai ajujuwan haruffa ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Daga nan sai kwaleji, shekara huɗu, a ƙarshenta a yi jarrabawar BEPC, sannan lise, shekara uku, a rufe da jarrabawar bak. Shekara 13 ke nan, sun fi na Nijeriya da ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen ajujuwan kwaleji, domin ƙirgarsu daga sama take sauka. Ajin farko na kwaleji shi ne 6e, wanda mutanen Nijar ke kira siziyam. Daga shi sai 5e, sai 4e, sai 3e. Malamin da bai san tsarin ba, in ya ga lamba 6 a kan kati, aji shida na firamare zai ɗauka. In ya ga katin shekarar da ta biyo yana ɗauke da lamba 5, sai ya ɗauka ma dawo da yaron baya aka yi saboda rashin ƙoƙari. Ɗan 3e kuwa, wanda yake shekararsa ta goma a makaranta, ana iya kallon katinsa a ce ɗan aji uku ne. Malamin bai yi laifi ba, ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Akwai tarko na biyu, kuma masu ɗan ilimi ya fi kamawa. In malami ya duba wayarsa don ya ga daidaiton ajujuwa, yawancin jadawalin da zai ci karo da su na ƙasar Faransa ne. A Faransa firamare shekara biyar ce, daga CP take farawa, don haka 6e a can ita ce shekara ta shida a makaranta. A Nijar akwai CI kafin CP, saboda haka 6e shekara ta bakwai ce, daidai da JSS1. Wanda ya yi aiki da jadawalin Faransa ya cinye wa ɗan Nijar shekara guda ba tare da ya sani ba. Wannan ne ya sa bai kamata wasiƙar ta dogara da sunan aji ba. Shekaru za ta ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, kowace da ajinta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani Bakatsine ɗan kasuwa ya daɗe a Maraɗi da iyalinsa. An haifi 'yarsa a 2011, aka sa ta CI a watan Oktoba na 2017, ba ta taɓa maimaita aji ba, ta gama 5e a watan Yuni na 2025, kuma an ci gaba da ita zuwa 4e. A watan Agusta suka dawo Katsina. Shekararta 14, ta yi shekara takwas cur a makaranta. A lissafin Nijeriya wanda ya gama shekara takwas ya gama JSS2, ajin da ke gabansa shi ne JSS3. Shekarunta ma sun dace da na 'yan ajin.

Sai dai JSS3 ajin jarrabawa ne. In ta shiga a watan Satumba, kafin shekara ta zagayo za a zaunar da ita ta amsa tambayoyin kimiyya da lissafi da sauransu da Turanci, alhali duk karatunta da Faransanci ta yi shi. Ta taɓa Turanci, domin a Nijar ana fara koyar da shi a 6e, amma darasi ne guda cikin darussa, 'yan sa'o'i a mako. Ta iya gaisuwa, ta iya karanta gajeren labari a hankali, ba ta kai ta saurari malami yana bayanin yadda jini ke zagaya jiki ta rubuta ba.

A nan shekarar nan guda da tsarin Nijar ya fi na Nijeriya take yin amfani. Da yarinyar ta zauna a Maraɗi, shekara biyar suka rage mata: 4e, 3e, da uku na lise. In aka sa ta JSS3 a Katsina, huɗu suka rage. In aka sa ta JSS2, biyar suka rage, daidai da abin da za ta yi a can. Wato in ta shiga JSS2 ba ta yi asarar komai ba, za ta gama sakandare a shekarar da ƙawayenta na Maraɗi za su zana bak, kuma ta samu shekara guda ta kama Turanci kafin jarrabawa. A ganina, ga yarinya irin wannan, JSS2 ya fi mata alheri. Amma duk abin da ya yi ƙasa da JSS2 asara ce tsagwaronta. A sa 'yar shekara 14 a JSS1 cikin 'yan shekara 12, ko a mayar da ita firamare, yana nufin sai ta kai shekara 20 ko fiye kafin ta gama sakandare, kuma kowa ya san a gidajenmu ba kowace yarinya ake jira har ta kai nan ba.

To ga wasiƙar. A makarantun gwamnati da yawancin na kuɗi da Turanci ake miƙa ta, don ta shiga fayil, amma uba ya fara tsara ta da Hausa yadda ya fahimce ta, sannan a juya masa. Ga yadda za ta kasance:

Zuwa ga Shugaban Makaranta.

Neman gurbin karatu da daidaita aji ga 'yata wance, wadda ta dawo daga Jamhuriyar Nijar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina neman a karɓi 'yata wance a wannan makaranta daga zangon farko na shekarar karatu ta 2025/2026. An haife ta ranar kaza ga watan kaza, 2011. Mu 'yan ƙaramar hukumar kaza ne, mun zauna a Maraɗi saboda kasuwanci, mun dawo gida gaba ɗaya a watan Agusta na bana, muna unguwar kaza.

Ta yi shekara takwas a makaranta ba tare da maimaita aji ba:

2017/18, CI, shekara ta 1, daidai da firamare 1
2018/19, CP, shekara ta 2, daidai da firamare 2
2019/20, CE1, shekara ta 3, daidai da firamare 3
2020/21, CE2, shekara ta 4, daidai da firamare 4
2021/22, CM1, shekara ta 5, daidai da firamare 5
2022/23, CM2, shekara ta 6, daidai da firamare 6
2023/24, 6e, shekara ta 7, daidai da JSS1
2024/25, 5e, shekara ta 8, daidai da JSS2

A tsarin Nijar lambobin ajujuwan sakandare daga sama suke sauka, don haka 5e yana gaba da 6e. Ana ba da maki a kan 20, kuma 10 ne makin cin jarrabawa. Matsakaicin makinta na shekarar ƙarshe 13,5 ne a kan 20, wato kusan kashi 68 cikin ɗari, kuma ita ce ta bakwai a cikin ɗalibai 62.

Da Faransanci aka koyar da ita dukkan darussa. Ta yi Turanci shekara biyu a matsayin darasi kawai, tana karantawa a hankali amma ba ta iya magana da shi sosai ba tukuna. Tana jin Hausa, tana kuma karanta ta. Ba ta karanta tarihi da tsarin mulkin Nijeriya ba. Na ɗaukar mata malamin Turanci a gida kullum da yamma.

Bisa lissafin shekarun da ta kammala, ajin da ya dace da ita shi ne JSS3. Ina roƙon a gwada ta, a raba gwajin Turanci da na lissafi da kimiyya, a kuma bari a yi mata bayanin tambayoyin da Hausa ko Faransanci. In gwajin ya nuna Turancinta ba zai ɗauke ta zuwa BECE a bana ba, na amince a sa ta JSS2. Ina kuma roƙon a ba ni amsa a rubuce da ke nuna ajin da aka ba ta da dalilin hakan.

Na haɗa da kwafin takardar haihuwa, katunan sakamakon 6e da 5e tare da fassararsu, takardar shaidar barin makarantarta ta baya, da hotuna biyu. Na asali suna hannuna in ana son gani.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Ni ne wane, mahaifin yarinyar, da lambar waya da sa hannu.

Wani zai ce, ai da zarar ka rubuta cewa ka amince da JSS2, to JSS2 za a ba ka. Gaskiya ne, galibi haka za ta kasance. Amma layin yana yin wani aiki: ya kafa iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba, kuma ya bar shaida a fayil cewa yarinyar ta cancanci JSS3, harshe ne ya sa aka jinkirta mata. Uban da ya tabbata ɗansa yana jin Turanci, misali wanda ya riƙa zuwa hutu wajen dangi a Kano ko Kaduna, sai ya cire wannan layi ya tsaya a kan JSS3.

Sakin layin maki ya fi yadda ake zato muhimmanci. Malamin da ya saba ganin 70 da 80, in idonsa ya faɗa kan 13 ko 11, zuciyarsa ta riga ta ce yaron nan ba ya ja. A ninka makin sau biyar a samu kashi cikin ɗari, amma ko hakan ba ya nuna gaskiya duka, domin malaman tsarin Faransanci suna da maƙon maki. Ɗalibi mai matsakaicin 12 ana ganinsa da kyau, mai 14 gwani ne, 16 kuwa ba kasafai ake ganinsa ba. Shi ya sa matsayin yaro a aji, wanda ake rubutawa a katin, ya fi makin kansa bayani. Ta bakwai cikin 62 magana ce da kowane malami yake ganewa. A firamare kuma sau da yawa a kan 10 ake ba da maki, don haka a duba katin da kyau kafin a ninka.

Roƙon a raba gwajin kuwa, shi ne zuciyar wasiƙar. In aka ba yarinyar tambayar lissafi mai dogon labari da Turanci ta kasa, ba a gwada lissafinta ba, Turancinta aka sake gwadawa. A rubuta mata lissafin da lambobi zalla a gani. Ko a nan ma akwai abubuwan da ya kamata mai duba takardar ya sani. A Nijar waƙafi ake sawa inda muke sa ɗigo, uku da rabi 3,5 za ta rubuta. Rabawa mai tsawo tana da nata tsarin a takarda: lambar da ake rabawa a hagu, wadda ake rabawa da ita a dama, amsa a ƙarƙashinta. Lamba ɗaya tana da doguwar ƙugiya a gaba, har ta yi kama da bakwai a idon malamin Nijeriya, ita kuma bakwai ana ja mata layi a ciki. Malami yana iya jan jar biro a kan amsar da take daidai saboda waɗannan. Ba sai an cusa su a wasiƙa ba, amma ranar gwaji uba ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ɗayansu da bakwai ɗinsu ba irin namu ba ne," ya nuna masa a tsohon littafin yarinyar. Littafin lissafi da na kimiyya na shekarar ƙarshe, da gyaran malami a jikinsu, shaida ce mai ƙarfi. Kada a bar su a baya wajen kwashe kaya.

Kada kuma a ɓoye rauni. Uban da ya rubuta cewa 'yarsa tana jin Turanci sosai, minti biyu a ofis sun isa su ƙaryata shi, daga nan kuma sauran abin da ke cikin wasiƙar ba mai yarda da shi. In yaro ya maimaita aji, a rubuta, a kuma ƙirga ajujuwan da ya kammala, ba shekarun da ya zauna ba. In makarantar Faransanci da Larabci ya yi, irin waɗanda suke da yawa a Nijar, a faɗa, domin zai zama ƙarfi gare shi a darasin Larabci da na addini. Faransancin kansa ma riba ce: darasi ne a sakandaren Nijeriya, kuma ana zana shi a WAEC.

Batun takardu, lokacin karɓarsu ne ke ba mutane wahala. Makarantun Nijar suna rufewa wajen ƙarshen Yuni, ba sa komawa sai wajen Oktoba, na Nijeriya kuwa a Satumba suke buɗewa. Wanda ya bari sai ya iso Katsina sannan ya aika a karɓo masa katin sakamako, zai tarar da makaranta a kulle, darakta ya tafi garinsu, zangon farko kuma yana tafiya. A karɓi komai kafin a taso, kowace takarda da hatimin makaranta da sa hannun darakta. Fassara kuma a kai wa wanda zai sa sunansa da hatimi a ƙasa, kamar sashen Faransanci na jami'a ko na kwalejin ilimi. Fassarar ɗan maƙwabci a fallen takarda ba ta da nauyi ko da daidai take.

Sai suna, wanda ake rainawa har sai ya zama matsala. Mai rubutu a Maraɗi zai rubuta Aïchatou, na Katsina ya rubuta A'ishatu. Aboubacar da Abubakar, Ousmane da Usman, duk mutum ɗaya ne a baki, amma a takarda mutum biyu ne. A zaɓi rubutu guda tun ranar farko, wanda zai shiga rajistar makaranta, ya shiga lambar NIN, ya fito a takardar WAEC, domin JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma bambancin harafi ɗaya yana iya tsayar da yaro bayan shekara biyar. A ƙara layi guda a wasiƙar da ke cewa sunan da ke kan takardun Nijar da wanda ake so a rubuta na mutum ɗaya ne. In makaranta ta nema, a je kotu a yi takardar rantsuwa.

Ga ɗan firamare da ɗan sakandare, shugaban makaranta ne yawanci ke yanke ajin bayan gwaji. Makarantar gwamnati tana iya tura uba wajen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ofishin shiyya na ma'aikatar ilimi, don haka a riƙe kwafi biyu ko uku, a kuma sa a buga hatimin karɓa a kan na hannu. In aka ce ba gurbi saboda takardun na waje ne, uba ya san cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi. Wanda ya dawo da takardar bak yana neman jami'a, tasa hanyar dabam ce, ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja take bi, inda ake tantance takardun shaidar ƙasashen waje. Mafi wahala shi ne wanda ya dawo yana gab da gamawa. WAEC tana buƙatar makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara a babbar sakandare, don haka shiga SS3 kai tsaye ba abin da za a sa wa rai ba ne. SS2 ya kamata wasiƙarsa ta nema.

Wannan ƙirga ta shekaru tana aiki ga wanda ya dawo daga ko'ina, abin da za a yi wa bayani ne kawai ke sauyawa. Na Gana da na Saudiyya ba su da wahala, shida da uku da uku ne kamar namu, sai dai in takardar Saudiyya da kwanan watan Hijira ta zo, a juya shi sau ɗaya a tsaya a kansa. A baya Sudan ta daɗe tana bin tsarin shekara takwas da uku, wato 11, kuma da yawa daga waɗanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya koro ba su fito da ko takarda ɗaya ba. Irin wannan uba ya rubuta jerin shekarun kamar yadda ya san su, da sunan makaranta da unguwa, ya faɗi dalilin rashin takardu a layi ɗaya, ya faɗi watannin da yaro ya yi ba ya zuwa makaranta, ya haɗa da duk abin da ya tsira, ko da hoton katin sakamako ne a waya. Tunda ba takardar da za ta yi masa shaida, a wajensa gwajin ne zai yanke ajin, don haka ya roƙi a samo malamin Larabci na makarantar ya zauna ya karanta wa yaron tambayoyin.